Darasi na Goma Sha Biyu: Bambancin Akuya da Tunkiya

Gabatarwa

Idan kuka bi ta unguwar Dubeli a cikin Jimeta da safe, lokacin da ake sakin dabbobi daga gidaje, ku ɗan tsaya ku lura da su. Za ku ga tumaki suna tafiya a dunƙule, kawunansu a ƙasa, suna tsintar ciyawar bakin hanya. Awaki kuwa tuni sun watse. Wata ta hau tarin bulo, wata ta miƙe a kan ƙafafunta na baya tana jawo ganyen da ya leƙo ta bisa katanga, wata kuma tana zagaya tiren mai sayar da alayyafo.

Abin da kuka gani ɗin nan shi ne tushen wannan darasi. Akuya daga sama take neman abincinta, tunkiya kuwa daga ƙasa. Idan kuka riƙe wannan magana, sauran bambance-bambancen ba za su yi muku wuyar fahimta ba, domin ƙirar jikin kowace dabba da halinta sun dace da yadda take cin abinci. Mai kiwon da bai san wannan ba yana iya yin asarar dabbarsa, kamar yadda za mu gani a gaba.

Kafin mu ci gaba, ku san sunayensu. Jam'in akuya shi ne awaki, namijinta kuma bunsuru. Bunsurun da aka dandaƙe ana ce masa taure. Jam'in tunkiya shi ne tumaki, namijinta kuma rago.

Inda suka yi kama

Akuya da tunkiya dangi ne na kusa. Mutane sun fara kiwonsu kimanin shekara 10,000 da suka wuce a yammacin nahiyar Asiya, wajen ƙasashen Iran da Turkiyya na yau. Dukansu biyu masu tuƙa ne, wato sukan haɗiye abinci da sauri, daga baya su kwanta su dawo da shi baki su sake taunawa. Cikinsu ya kasu kashi huɗu, kuma mafi girma shi ne tumbi. Dukansu ba su da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri, amma suna da guda takwas a ƙasa. Kowaccensu tana ɗaukar ciki na kimanin wata biyar.

Duk da haka jinsinsu ba ɗaya ba ne. A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai wasu zaruruwa masu ɗauke da gado, waɗanda masana kimiyya suke kira kuromosom. Akuya tana da 60, tunkiya tana da 54. Shi ya sa ko da sun shekara a garke ɗaya ba sa gauraya iri, akuya awaki take haifa, tunkiya kuma tumaki.

Ƙirar jiki

A ƙasashen sanyi irin su Ingila, ulu ne yake nuna tunkiya tun daga nesa. A nan ƙasarmu wannan alama ba ta aiki, domin tumakinmu gajeren gashi gare su kamar na awaki. Saboda haka dole ku nemi wasu alamomi.

Ku fara duba wutsiya, domin ita ce alama mafi sauƙi. Wutsiyar akuya gajera ce, kuma a ɗage take. Ta tunkiya doguwa ce, tana reto ƙasa. Idan kuka ga akuya ta saki wutsiyarta ta daɗe a haka, to akwai dalili: ko ta tsorata, ko ba ta da lafiya.

Sai ku duba kai. Bunsuru yana da gemu, wasu awaki mata ma suna da shi. Rago ba shi da gemu, amma sau da yawa yana da geza, wato dogon gashi a wuya da ƙirji. Ƙahon rago mai kauri ne, yana murɗewa ta gefen kai. Ƙahon akuya siriri ne, yana fita sama ya karkata baya. A irin dabbobinmu na nan, akuya da bunsuru duka suna da ƙaho, amma mafi yawan tumaki mata ba su da shi.

Akwai kuma wari. Bunsuru yana da wasu ƙulluwa a bayan gindin ƙahonsa masu fitar da maiƙo mai wari, kuma warin yakan ƙaru lokacin barbara. Rago ba ya irin wannan wari. Tumaki kuwa suna da ɗan rami a ƙarƙashin kowane ido, wanda awaki ba su da shi.

Alama ta ƙarshe tana baki, kuma ita ce ta fi kusa da zancen abinci. Leɓen tunkiya na sama yana da tsaga a fili a tsakiyarsa. Wannan tsagar tana ba ta damar kai haƙoranta dab da ƙasa, ta datse ciyawa komai gajartarta. Akuya kuwa bakinta tsukakke ne, leɓenta na sama yana motsi kamar yatsa. Da shi take tsinke ganye ɗaya bayan ɗaya daga tsakanin ƙayoyi ba tare da ta ji ciwo ba.

Idan kuka je kasuwar dabbobi ta Ngurore kusa da Yola, ko ta Mubi, kuna iya gwada waɗannan alamomi a kan iri daban-daban. A cikin tumaki akwai Balami, farin rago mai girma, mai gantsararren hanci da manyan kunnuwa. Akwai Uda, wanda rabin jikinsa na gaba baƙi ne ko ja, rabin baya kuma fari. Akwai 'Yankasa, fari mai ɗigon baƙi a wajen ido da baki. A cikin awaki akwai doguwar akuyar Sahel mai dogayen ƙafafu, da gajerar akuya ta ƙasashen kurmi, da jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi. Fatar wannan jar akuya ta daɗe da yin suna a duniya. Fatake sun riƙa ƙetara hamada da ita zuwa Arewacin Afirka, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko.

Abinci

Tunkiya mai kiwon ƙasa ce. Ta fi son gajerar ciyawa mai taushi da ƙananan ganyayen da ke tsirowa a cikinta. Takan sunkuyar da kai ta yi ta ci tana matsawa gaba a hankali. Idan ciyawa ta yi tsawo ta yi tauri, ba ta cika sonta ba.

Akuya mai kiwon sama ce. Ta fi son ganyen itace, da toho, da 'ya'yan itace, da ɓawon reshe. Tana cin ganyen magarya da na aduwa da na bagaruwa duk da ƙayarsu, kuma tana son 'ya'yan gawo ƙwarai. Tana jure ɗaci da bauri fiye da tunkiya. Idan ganye ya fi ƙarfin wuyanta sai ta miƙe a kan ƙafafun baya, idan reshe ya karkato ma sai ta hau. A ƙasar Maroko har akwai awakin da suka yi suna wajen hawa bishiya don cin 'ya'yanta.

Wannan bambanci yana fitowa fili da bazara. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola yake kai maƙura, ciyawar ƙasa ta bushe ko an ƙone ta. Tunkiya takan rame idan ba a taimaka mata da harawa da dusa ba. Akuya kuwa tana samun ɗanyen ganye a jikin itatuwa. Gawo ma da rani yake da ganye, da damina yake zubar da shi.

Mutane sukan ce akuya tana cin komai. Wannan magana ba daidai ba ce. Akuya tana ɗanɗana abubuwa da yawa saboda son bincike, amma wajen ci ta fi tunkiya tsantseni. Abincin da aka tattake, ko wanda kashi da fitsari suka taɓa, ba ta ci sai yunwa ta matsa mata.

Ku kuma lura cewa wannan bambanci na fifiko ne kawai. Tunkiya tana cin ganyen itace idan an yanko mata, akuya kuma tana cin ciyawa idan ba ta sami wani abu ba. Sai dai kowace ta fi lafiya idan ta sami abin da jikinta ya dace da shi.

Akwai wani bambanci da ido ba ya gani. A cikin abinci akwai sinadarin tagulla ɗan kaɗan, wanda jikin kowace dabba yake bukata. Akuya tana bukatarsa fiye da tunkiya. Tunkiya kuwa idan ya yi mata yawa sai ya taru a hantarta, a ƙarshe ya zama guba. Saboda haka kada a ɗauki gishirin lasa ko haɗin abincin da aka yi don shanu ko kaji a ba tumaki, sai an tambayi likitan dabbobi.

Hali

Dabbar da ke kiwo a fili, kanta a ƙasa, ba ta da wurin ɓuya. Kariyarta ita ce 'yan'uwanta. Shi ya sa tumaki suke son zama a garke. Idan ɗaya ta ƙetara titi, sauran sai su bi ta, ko da mota tana tafe. Idan aka ware tunkiya ita kaɗai, takan yi ta kuka har ta ƙi cin abinci. Mutane sukan ɗauki wannan a matsayin wauta, amma dabara ce ta tsira. Wannan halin ne kuma ya sa yaro ɗaya yake iya kora tumaki masu yawa.

Dabbar da ke neman ganye kuwa dole ta yi yawo, ta leƙa nan ta leƙa can, domin itatuwa a warwatse suke. Shi ya sa akuya take da son bincike da ƙarfin hali. Ita ce mai tsallake danga, mai buɗe ƙyaure da kai, mai shiga madafa. Akan ce akuya ta yi wayo da yankakken kunne, wato sai ta sha wuya take yin hankali. Galibin rigimar da ake yi tsakanin maƙwabta a kan dabbobi, idan kuka bincika, akuya ce ta shiga lambu ko ta ci shanyar wani.

Faɗansu ma ya bambanta. Raguna biyu sukan ja da baya, su sunkuyar da kai, su rugo da gudu su yi karo. Bunsuru kuwa yakan miƙe a kan ƙafafun baya, ya karkata, ya sauko da ƙahonsa daga sama. Idan aka haɗa rago da bunsuru a wuri ɗaya, rago yana iya tunkuyar bunsuru a ciki tun yana tsaye, ya ji masa mummunan ciwo. Don haka ba a ɗaure su kusa da juna.

Sai zancen ruwan sama. Da zarar an fara yayyafi, akuya ce take fara rugawa ƙarƙashin rumfa. Ba ta da kitse sosai a ƙarƙashin fata, a cikin ciki take tara shi, saboda haka sanyi da jiƙa suna saurin kama ta. Tunkiya ta fi ta jurewa.

Misali daga wani gida

Yanzu mu ga yadda wannan sani yake aiki. Mu ɗauka wata uwargida a Dubeli tana da awaki uku, sannan ta sayi raguna biyu don ta yi kiwo kafin Babbar Salla. Damina ta faɗi, an yi shuka, ba a barin dabbobi su yi yawo. Kowace safiya ɗanta yana kai su wani fili mai damshi ta wajen kogin Binuwai, ya kafa turke ya ɗaure su duka a wuri guda. Da yamma ya zuba musu harawa a ƙasa.

Bayan wata biyu ragunan suna nan da ƙibarsu, amma awakin sun rame. Gashinsu ya yi cirko-cirko, ɗaya kuma ƙarƙashin haɓarta ya kumbura. Uwargida ta yi mamaki, domin abinci ɗaya ake ba su, wuri ɗaya kuma suke kiwo. To, me ya faru?

Kuskure na farko shi ne wurin kiwo. Akwai tsutsar ciki mai shan jinin dabba. Ƙwanta yana fita tare da kashi. Idan akwai ɗumi da damshi, cikin kamar mako ɗaya 'ya'yan tsutsar sun ƙyanƙyashe sun isa kama dabba. Sukan hau jikin ciyawa, amma mafi yawansu ba sa wuce tsawon yatsa daga ƙasa. Dabbar da ta ci wannan ciyawa ta haɗiye su, bayan kamar mako uku kuma su ma su fara zuba ƙwai. Idan turke bai motsa ba, kullum tsutsa ƙaruwa take yi a wurin.

Tumaki sun daɗe suna kiwon ƙasa, don haka jikin babbar tunkiya ya fi iya yaƙi da wannan tsutsa, ko da yake ita ma tana kamuwa, musamman 'ya'yanta. Akuya kuwa asalin kiwonta sama ne, inda tsutsa ba ta kai wa, saboda haka jikinta bai ƙware da wannan yaƙi ba. Da aka tilasta mata cin gajerar ciyawa mai damshi, sai tsutsa ta fi ƙarfinta.

Yaya za a gane? A ja fatar idon dabba ta ƙasa a hankali a duba cikinta. Idan ja ce sosai, jini ya wadata. Idan ta yi fari fat, jini ya ragu ƙwarai, kuma dabbar tana cikin haɗari. Kumburin ƙarƙashin haɓa shi ma alama ce cewa ciwon ya yi nisa. A nan ba a jira, sai a nemi likitan dabbobi. Kada a auna wa akuya maganin tsutsa da ma'aunin tunkiya, domin jikin akuya yana saurin narkar da wasu magungunan, kuma abin da ya ishi tunkiya yana iya gaza mata. Likita ne zai faɗi adadin bisa nauyin dabbar.

Kuskure na biyu shi ne yadda ake ba da abinci. Harawar da aka zuba a ƙasa, raguna suna ture awaki su ci, su tattake saura. Awakin kuma ba sa cin abin da aka tattake. Ke nan suna kwana da yunwa alhali ga abinci a gabansu.

Gyaran ba shi da tsada. A raba wurin cin abinci. Raguna a zuba musu a cikin komi a ƙasa. Awaki a ɗaure musu harawa da ɗanyen ganye a dami, a rataye daidai tsayin kansu ko sama kaɗan. Game da yawan abinci, akan ƙiyasta cewa irin waɗannan dabbobi suna cin busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinsu a yini. Ragon da ya kai kilo 30 zai ci kusan kilo 1 ke nan. Akuya mai kilo 25 za ta ci kamar kashi uku cikin huɗu na kilo, sai dai mai shayarwa tana bukatar fiye da haka. Ɗanyen ganye kuwa ruwa ya fi yawa a cikinsa, don haka sai an ninka wannan nauyi sau uku ko huɗu.

Bayan haka a riƙa matsar da turke bayan 'yan kwanaki, kafin 'ya'yan tsutsa su isa kama dabba, kuma kada a yi saurin komawa tsohon wuri. A bari raɓa ta bushe kafin a fitar da dabbobi. A yi wa awaki rumfa da ɗan dandamali busasshe inda za su kwanta. A kuma kwashe leda daga tsakar gida, domin akuya da tunkiya duka suna haɗiye ledar da ke da ƙanshin abinci. Leda ba ta narkewa, a tumbi take taruwa, dabba ta yi ta rama har ta mutu.

Ashe uwargidan nan ba rowar abinci ta yi wa awakinta ba. Ta yi musu kiwon tumaki ne, alhali su ba tumaki ba ne. Duk lokacin da kuka ga dabba ta rame a gidanku, ku fara da tambayar ko ana ciyar da ita yadda jinsinta yake ci.

Ma'anar wasu kalmomi

Tuƙa: dawo da abinci daga ciki zuwa baki don a sake taunawa.
Dasashi: naman da haƙora suke tsirowa a cikinsa.
Geza: dogon gashi a wuyan rago ko doki.
Toho: sabon ganye mai fitowa.
Tsantseni: ƙin abu mai ƙazanta.
Harawa: busasshen ganye da karan wake ko gyaɗa da ake ba dabbobi.
Turke: guntun icen da ake kafawa a ƙasa don ɗaure dabba.
Komi: abin da ake zuba wa dabbobi abinci ko ruwa a ciki.

Tambayoyi

1. Kawo alamomi huɗu na jiki da za ka bambanta akuya da tunkiya da su.
2. Me ya sa ulu ba ya taimaka mana wajen gane tunkiya a ƙasarmu?
3. Yaya leɓen kowace dabba ya dace da abincinta?
4. Me ya sa tsutsar ciki ta fi cutar da awakin uwargidan nan fiye da ragunanta?
5. Idan rago yana da nauyin kilo 40, kimanin busasshen abinci nawa zai ci a yini?

Aiki

Ku sami wurin da awaki da tumaki suke kiwo a unguwarku, ku lura da su na rabin awa. Ku rubuta jimloli goma da Hausa a kan abin da kowace dabba ta ci da yadda ta ci shi. Sannan ku rubuta sunayen akuya, bunsuru, tunkiya da rago a harshenku na gida, ku kawo aji a kwatanta.